Waiwaye: Fom ɗin da Mista D'Jan bai karanta ba

A watan Satumba na 1986 aka kawo wa wani ɗan kasuwa a birnin Landan, mai suna D'Jan, takardar neman inshorar gobara ta kamfaninsa, D'Jan of London. Fom ne gajere mai 'yan tambayoyi kaɗan. An riga an cike shi, sa hannu kawai ya rage, shi kuwa ya ɗauki biro ya rattaba bai duba abin da aka rubuta ba. A cikin tambayoyin akwai wadda ke neman a faɗi ko wani daga cikin daraktocin ya taɓa zama darakta a kamfanin da ya durƙushe aka rusa shi. Amsar da aka rubuta ita ce a'a. Alhali D'Jan kansa ya taɓa riƙe kamfanin da ya karye da bashi, ba a ma daɗe da rusa shi ba.

Bayan haka gobara ta tashi a harabar kamfanin, ta cinye hajar da aka ƙiyasta kuɗinta fam 174,000. Da aka je karɓar diyya, kamfanin inshorar Guardian Royal Exchange ya fito da fom ɗin ya nuna wannan amsa, ya ce ba zai biya ko sisi ba, kuma doka tana bayansa, domin inshora ciniki ne da aka gina a kan cewa mai nema zai faɗi gaskiyar abin da aka tambaye shi. Haja ta ƙone, diyya ba ta zo ba, kamfani ya durƙushe da bashin mutane a wuyansa. Sai wanda aka naɗa ya tattara kadarorin kamfanin ya biya masu bin bashi ya maka D'Jan a kotu, ya ce sakacinsa ne ya jawo wannan asara, don haka ya biya.

Babu wanda ya ce D'Jan ya yi sata. Bai amfana da komai ba, hasali ma shi ya fi kowa asara, tun da a cikin hannayen jari 100 na kamfanin, 99 nasa ne, ɗayan na matarsa. Ya gaya wa kotu cewa dillalin inshorarsa, wanda ya daɗe yana yi masa wannan hidima, shi ya cike fom ɗin. Dillalin ya musa. Alƙali Hoffmann ya saurari su biyun, ya ce ya fi gamsuwa da maganar D'Jan, domin a ganinsa wannan ba irin mutumin da zai zauna yana cike fom da hannunsa ba ne. Ke nan kotu ta yarda cewa bai yi ƙarya da gangan ba. Tambayar da ta rage ita ce ko mai gaskiya zai biya kuɗin abin da bai kula ba.

Da a ce shekara ɗari kafin nan aka yi wannan shari'a, ina ganin da D'Jan ya fita daga kotu yana murmushi. Dalilina shi ne abin da ya faru da bankin ajiya na Cardiff, a yankin Wales. Shugabancin wannan banki yana hannun gidan Bute, attajiran da suka gina tashar jiragen ruwan birnin. Da mai gidan ya rasu a 1848, sai aka ɗora wa ɗansa kujerar yana jariri ɗan wata 6. Ya girma da muƙamin, ya riƙe shi shekara 38, a duk tsawon lokacin nan sau ɗaya tak ya halarci zaman masu gudanar da bankin. A 1886 bankin ya rufta bayan an gano cewa wani babban ma'aikacinsa ya daɗe yana wawure kuɗin masu ajiya. Aka kai shugaban kotu. A 1892 Alƙali Stirling ya wanke shi, ya ce ƙin zuwa taro daban ne da ƙin yin aikin da ya kamata a yi a wurin taron, kuma shugaban yana da hujjar ɗauka cewa waɗanda suke zuwa suna yin abin da ya dace. A taƙaice, wanda ya zauna a gida ya fi wanda ya zo taro tsira.

Wannan hukunci yana ba mutumin yau mamaki, amma a zamaninsa yana da tushe. A lokacin ana sa sunan basarake ko attajiri a jerin daraktoci ne don jama'a su ga sunan su kawo kuɗinsu, ba wanda yake sa ran zai buɗe littafin lissafi. Alƙalai kuma suna ganin masu hannun jari su suka zaɓi daraktocinsu da kansu. Idan sun zaɓi wanda bai san komai ba, su kuka da kansu. Abin da wannan tunani ya manta shi ne mai ajiya da mai bin bashi, waɗanda ba su zaɓi kowa ba, sunan kawai suka gani suka amince.

Shari'ar da ta tattara wannan tsohon ra'ayi ta mayar da shi ƙa'ida ita ce ta kamfanin inshorar City Equitable, wanda ya durƙushe a 1922. Shugabansa, Gerard Bevan, ya karkatar da kuɗin kamfanin har aka yi asarar kimanin fam miliyan 1.2, aka kuma ɗaure shi shekara 7. Sauran daraktocin ba su ci ko kwabo ba, sun dai sakar masa komai. A hukuncin da aka buga a 1925, Alƙali Romer ya shimfiɗa abin da ake nema daga darakta. Ya ce ba a neman ya nuna ƙwarewar da ta wuce wadda za a sa rai daga mai irin iliminsa da gogewarsa. Ya ce ba dole ne ya riƙa bin harkokin kamfani kullum ba, aikinsa na lokaci-lokaci ne, a wurin taro, kuma ba wajibi ne ya halarci kowane taro ba, ko da yake ya kamata ya je idan yana da hali. Ya kuma ce idan babu abin da zai sa shi zargi, yana iya amincewa da ma'aikacin da aka damƙa wa wani aiki.

Duk da wannan sassauci, Romer ya samu wasu daga cikin daraktocin da sakaci a wasu al'amura. Amma ba su biya komai ba, domin a cikin takardar ƙa'idojin kamfanin akwai sharaɗin da ya ce ba za a kama darakta da wata asara ba sai idan da gangan ya yi. Abin ya yi wa mutane ciwo, har Dokar Kamfanoni ta 1929 ta haramta irin wannan sharaɗi. Ma'aunin Romer kuwa ya ci gaba da aiki shekaru da dama, kuma aibinsa a fili yake: tun da da ilimin mutum ake auna shi, wanda bai san komai ba babu abin da za a nema daga gare shi. Jahilci ya zama garkuwa, mai ilimi kuma ya fi kowa shiga haɗari.

Wannan ne gadon da Hoffmann ya tarar a 1993 lokacin da shari'ar D'Jan ta zo gabansa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko ma'auni daga wata doka ta daban. A 1986 majalisar Birtaniya ta yi dokar karyewar kamfanoni, wadda sashe na 214 nata yake magana a kan daraktan da ya ci gaba da kasuwanci alhali ya san, ko ya kamata ya san, cewa kamfani ba zai tsira ba. Wannan sashe yana auna darakta da mutum mai himma wanda ya haɗa abu biyu: ilimi da ƙwarewa da gogewar da ake sa rai daga duk wanda yake yin irin aikin da daraktan yake yi a kamfanin, da kuma ilimi da ƙwarewa da gogewar da shi wannan daraktan yake da su a zahiri. Hoffmann ya ce wannan ma'auni shi ne daidai abin da doka take nema daga darakta a kowane hali, ba sai lokacin karyewa ba.

Ya kamata a tsaya a kan waɗannan hawa biyu, don a nan duk maganar take. Hawa na farko ƙasa ne da ba a yarda kowa ya faɗa ƙarƙashinsa ba. Kamar direban da ya ɗauki fasinja daga Kano zuwa Zariya ne: idan ya yi ganganci a hanya, ba za a saurare shi ba don ya ce jiya ya koyi tuƙi, domin tun da ya zauna a bayan sitiyari, da direban kirki za a gwada shi. Haka darakta. Sai dai wannan ƙasa tana hawa da sauka gwargwadon kujerar da kuma kamfanin. Abin da ake nema daga daraktan kuɗi na babban banki ya fi abin da ake nema daga daraktan ƙaramin kamfanin sayar da tufafi, kuma wanda yake zaune a ofis kullum ana sa ran ya san abubuwan da mai zuwa taro sau huɗu a shekara ba zai sani ba. Hawa na biyu kuwa sama kawai yake ɗaga ma'auni. Idan darakta akanta ne ko lauya, ba zai ce a auna shi da wanda bai taɓa ganin littafin lissafi ba. Iliminsa yana ƙara masa nauyi, rashin iliminsa ba ya rage masa komai.

Da wannan ma'auni Hoffmann ya dubi fom ɗin. Abin da ya burge ni a hukuncinsa shi ne bai ɗora wa darakta abin da ba zai iya ɗauka ba. Ya faɗa ƙarara cewa ba yana nufin dole darakta ya karanta kowace takarda daga farko har ƙarshe ba. Ya kawo misalin yarjejeniya mai shafi 60 cike da maganganun lauyoyi masu nauyi. Idan lauyan kamfani ya tabbatar wa darakta cewa abin da ke ciki shi ne abin da aka umarce shi ya rubuta, ana iya yi masa uzuri idan bai bi ta layi-layi ba. Amma wannan fom ɗin takarda ce mai sauƙi ƙwarai, mai 'yan tambayoyin da babu wanda ya fi D'Jan sanin amsarsu. Dillali ya san harkar inshora, amma tarihin kamfanonin da D'Jan ya riƙe, D'Jan ne ya fi kowa saninsa. Saboda haka dogaro da dillali a nan bai zama hujja ba. Alƙalin ya yarda cewa 'yan kasuwa masu yawan hidima sukan yi irin wannan, amma ya ce yawan masu yin abu ba ya mayar da shi daidai; mutane sukan ɗauki kasadar da babu dalilin ɗaukarta, idan kuma kasadar ta faɗo, sai su biya.

Daga nan ake gane yadda kotu take raba dogaron da ya halatta da wanda ya zama sakaci. Tana duba wahalar aikin, tana duba wa ya fi cancanta ya san amsar, tana duba girman abin da zai lalace idan aka yi kuskure, sannan ta gwada da ƙanƙantar wahalar da za a sha wajen kiyayewa. A wajen D'Jan, 'yan mintoci na karatu ne a gefe ɗaya, hajar fam 174,000 a ɗaya gefen.

Lauyan D'Jan ya kawo wata hujja da na san za ta yi wa ɗan kasuwarmu daɗin ji. Ya ce ai kamfanin nasa ne, shi da matarsa. Da an tambaye su a matsayinsu na masu hannun jari, da sun ce sun yafe. Ta yaya mutum zai yi wa kansa sakaci? Hoffmann bai karɓa ba. A doka, kamfani mutum ne mai zaman kansa, dabam da masu shi, kuma shi darakta yake yi wa aiki. Gaskiya ne masu hannun jari suna iya haɗuwa su amince da wani abu da darakta ya yi, ya zama aikin kamfanin ne. Amma sai sun yi hakan a zahiri, sun san abin sun yarda da shi. A nan kuwa babu wanda ya taɓa tunanin yadda aka cike fom ɗin sai bayan da aski ya zo gaban goshi. Cewa da an tambaye su da sun yarda bai wadatar ba.

Duk da haka bai tsananta masa ba. Dokar Kamfanoni ta 1985, a sashe na 727, ta ba kotu ikon sassauta wa daraktan da ya yi aiki da gaskiya kuma bisa hankali, idan adalci ya nuna a yi masa uzuri. Hoffmann kansa ya lura cewa abin yana da ɗan ban mamaki, a ce mutum ya yi sakaci sannan a ce ya yi aiki bisa hankali, amma tun da doka ta tanadi hakan, akwai sakacin da bai kai a ɗora wa mutum dukan nauyinsa ba. Ya duba ya ga cewa a 1986 kamfanin yana tsaye da ƙafafunsa, waɗanda D'Jan yake jefawa cikin haɗari a lokacin shi ne da matarsa, kuma kuskuren irin wanda zai iya samun duk mai yawan hidima ne. To D'Jan kansa yana cikin masu bin kamfanin bashi, na sama da fam 100,000, kuma an riga an biya shi wani kaso. Sai kotu ta bar masa abin da ya karɓa, ba ta ce ya ciro kuɗi daga aljihunsa ba, amma ta ce ya haƙura da sauran kason da zai samu nan gaba, a raba wa sauran masu bin bashi.

A ganina wannan hukunci ya yi daidai ta fuska biyu. Da an wanke shi gaba ɗaya, da an gaya wa kowane darakta cewa sa hannu ba komai ba ne matuƙar zuciyarka fara ce. Da kuma an ce ya biya fam 174,000 duka, da an hukunta mai gaskiya kamar ɓarawo. Abin da aka kafa shi ne cewa gaskiya da kula wajibai ne guda biyu, cika ɗaya ba ya sauke ɗaya, amma gaskiyar mutum tana da tasiri idan aka zo kan nawa zai biya.

A 2006 majalisar Birtaniya ta ɗauki ma'aunin nan mai hawa biyu ta sa shi a sashe na 174 na sabuwar Dokar Kamfanoni, kusan kalma da kalma. Tun kafin nan ma alƙalai sun fara juya wa tsohon sassaucin baya. A 1977, a shari'ar kamfanin bayar da rance na Dorchester Finance, an samu daraktoci biyu masu ilimin akanta waɗanda ba sa zuwa ofis sai jefi-jefi, ba a kuma taɓa kiran zaman daraktoci ba. Abin da suke yi shi ne su sa hannu a cak babu adadi babu suna, su bar wa na ukunsu ya cike yadda ya ga dama. Shi kuwa ya raba rancen da ba a iya karɓowa ba. Alƙali Foster ya kama su duka ukun. Duk wanda ya taɓa zama mai sa hannu na biyu a asusun wani kamfani ko ƙungiya ya san yadda ake yi: za ka yi tafiya, sai a kawo maka littafin cak a ce ka sa hannu a ganye biyar don kada aiki ya tsaya. An sa hannu biyu ne don mutum na biyu ya ga abin da na farko yake fitarwa, kuma cak ɗin da aka sa wa hannu babu adadi ya rushe wannan dalili tun daga tushe.

Kada a ɗauka cewa duk asara sakaci ce. Kasuwanci kasada ne, kotuna kuma suna ƙin zama a kujerar daraktoci su ce da kaza aka saya da an ci riba. A ɗauka wani kamfani ya sayi riɗi mai yawa a Dawanau yana sa ran farashi zai tashi, daraktoci sun zauna, sun ji bayanin wanda ya san kasuwar, sun duba kuɗin da ke ƙasa, sun yanke shawara, sai farashi ya faɗi. Wannan faɗuwa ce, ba a kama kowa da ita, domin ana auna shawara da abin da aka sani a ranar da aka yanke ta. Amma a ɗauka wata shida manaja yana kawo takarda cewa buhu 5,000 suna sito, mai binciken lissafi ya rubuto cewa adadin bai yi daidai da kuɗin da aka fitar ba, babu daraktan da ya tambaya, babu wanda ya ce a je a ƙirga. Ranar da aka buɗe sito aka tarar da rabi, tambayar da alƙali zai yi ita ce me ka yi da wasiƙar mai binciken. Doka ta yarda darakta ya wakilta aiki, tun da ba zai yiwu ya yi komai da hannunsa ba, amma sa ido a kan wanda aka wakilta yana nan a wuyansa, kuma da zarar alamar zargi ta bayyana, damar dogaro ta ƙare.

A Najeriya wannan magana a rubuce take cikin doka tun 1990, shekara 16 kafin Birtaniya ta rubuta nata. Dokar Kamfanoni ta wancan lokaci, wadda aka fi sani da CAMA, ta kawo ta a sashe na 282, sabuwar dokar 2020 kuma ta maimaita ta a sashe na 308. Sashen ya ce darakta ya yi aiki da gaskiya da kyakkyawar niyya don amfanin kamfani, ya kuma nuna kula da himma da ƙwarewar da darakta mai hankali da taka-tsantsan zai nuna a irin wannan yanayi. Rashin yin haka dalili ne na kai ƙara a kan sakaci. Sai abu biyu da suka rufe ƙofar da magajin gidan Bute ya bi ya fita. Na farko, kowane darakta yana ɗauke da alhakin abin da hukumar daraktoci ta yi, kuma rashin halartar zama ba ya sauke masa wannan alhaki sai idan yana da uzuri karɓaɓɓe. Na biyu, ma'aunin kula ɗaya ne ga daraktan da yake aiki a kamfani kullum da wanda ba ya cikin masu gudanarwa. Hukuncin kotunan Ingila ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma tun da dokar kamfanoninmu daga can ta samo asali, lauyoyi suna kafa hujja da su, alƙalai kuma suna dubawa.

Abin da ya sa nake ganin wannan ya shafe mu ƙwarai shi ne yadda ake rajistar kamfani a wurinmu. Tsohuwar doka ta ce sai da darakta biyu aƙalla, don haka mai gida yakan ce wa lauya ya sa sunan uwargida, ko ƙane, ko babban ɗa. A kawo takarda gida, a ce “sa hannu nan”, a sa, a manta. Shekaru su wuce mutum bai san ana cin bashi da sunan kamfanin da yake darakta a cikinsa ba. A gida ana ganin wannan karamci ne ko cika sharaɗi, amma a rajistar hukumar CAC babu wani gurbi na daraktan suna kawai.

Wata shari'a daga Ingila ta nuna inda wannan yake kai mutum. Kamfanin Lexi Holdings yana bayar da rancen gajeren lokaci ga masu sayen gidaje, da kuɗin da yake rantowa daga bankuna. Manajan daraktansa ya wawure kusan fam miliyan 60 kafin kamfanin ya durƙushe a 2006. A cikin daraktocin akwai 'yan'uwansa mata biyu waɗanda ba sa taɓuka komai a kamfanin. Sun san ɗan'uwansu an taɓa ɗaure shi a kan laifin rashin gaskiya, ba su gaya wa sauran daraktoci ba, ba su gaya wa masu binciken lissafi ba, ba su tambayi komai ba. Alƙalin farko ya yarda sun saɓa wajibinsu, amma ya ce zamansu shiru ba shi ya jawo asarar ba, domin ko sun tambaya, ɗan'uwan nasu gwanin baki ne, da ya yaudare su. Wannan mataki ne da ba a tsallake shi a shari'ar sakaci: bayan an nuna darakta ya gaza, sai an nuna gazawar ce ta haifar da asarar. A 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin. Ta ce ba a tambayar ko za a iya yaudarar waɗannan mata biyu, ana tambayar abin da zai faru da sun yi aikin darakta yadda ya kamata. Da sun faɗi abin da suka sani, sun nemi a binciki lissafin da ke da alamar tambaya, da masu bincike da bankuna sun farga, da satar da ta biyo baya ba ta yiwu ba. Aka ɗora wa kowace ɗayarsu gomman miliyoyin fam.

Na san nauyin da ke tattare da a ce ƙanwa ta tuhumi yayanta, ko mata ta ce wa mijinta ya kawo takardun banki ta gani. A gidajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na ganin laifin wadda ta ji kunya. Laifin yana wurin wanda ya sa sunanta alhali ya san ba za ta iya tambayarsa ba, domin ya ɗora mata nauyin da ya hana ta hanyar saukewa. Kuma yanzu babu ma dalilin yin haka. Dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani mai zaman kansa, ta kuma yarda ƙaramin kamfani ya zauna da darakta ɗaya.

Wanda ya riga ya karɓi kujerar, abin da zai tsaya masa a gaban alƙali shi ne abin da ke rubuce. Idan ya yi tambaya a wurin zama, ko ya ƙi amincewa da wata shawara, ya tabbata an sa a cikin bayanan taron, ya kuma karanta bayanan kafin a amince da su a zama na gaba. Idan bai samu zuwa ba, ya aika da uzurinsa a rubuce, ya nemi takardun abin da aka tattauna. Idan kuwa ya nemi lissafi sau da yawa an hana shi, ya rubuta takardar murabus ya faɗi dalilinsa, ya bi sawu har sai an sanar da CAC an cire sunansa daga rajista. Murabus yana tsayar da alhakin abin da zai faru nan gaba, amma abin da aka yi lokacin da yake kan kujera yana nan, kuma wanda za a naɗa ya tattara kadarorin kamfani idan ya karye yana da ikon komawa baya ya bi kowane darakta da ya zauna a lokacin.